Ranar da Muka Tashi Allurar Shanu daga Taba zuwa Likoro

Shekara ta uku ke nan da samun 'yancin kai, ina ƙaramin malamin dabbobi a Kudan. Aikina bai wuce duba shanun da suka yi ciwo, da dandaƙa, da aika rahoto Zariya kowane ƙarshen wata ba. Keke ɗaya gare ni, da jakar fata, da littafin rubutu mai takardar kabon ta yin kwafi a tsakiya. A shekarun nan ne aka tashi haiƙan a kan allurar bushiya, cutar da dattawan Fulani ba sa son a ambaci sunanta a bakin garke. Ayarin masu allura yakan fito daga Zariya da mota guda, su yi kwana biyu ko uku a wuri, su tashi su yi gaba. Nawa aikin shi ne in shirya musu fili, in sa a kafa shingen itace mai matsatsi da ake kora shanu ciki ɗaya bayan ɗaya, in kuma tabbatar kowa ya ji rana da wuri.

Namu zangon an sa shi ranar wata Alhamis, a wani fili da ke bayan Taba, kusa da wani tafki. Mako uku muna shela. An kafa shinge, an share burtali, Ardon yankin ya zagaya rugage da ƙafarsa. Ranar Litinin na je na duba wurin, na dawo gida ina jin na gama nawa.

Ranar Talata da hantsi ina zaure ina gyaran sarƙar keke, sai na ji sallama. Wani dattijo ne dogo, siriri, da malafa da sanda a kafaɗa. Na san shi sama-sama. Bafulatanin zaune ne, yana noma 'yar gonarsa a gefen Taba, yana da shanun da ba su kai goma ba. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi dabbobi. Da na zo kan dabbobi sai ya sauke sandarsa ya jingina da bango.

Ya ce, "Malam, dabbobin ne suka kawo ni. Jiya da yamma saniyata ta sha ruwa a tafkin nan, lafiyarta ƙalau. Da asuba na same ta a kwance ta mutu. Kafin in ɗaura malafa, bijimina ma ya faɗi."

Na ce, "Baba, an feɗe su?"

Ya ce, "Mahauta sun zo. Na hana. Jini ne baƙi ke fita ta hanci da ta baya, kuma ba ya daskarewa. Na taɓa ganin irinsa ina yaro."

Nan take na san abin da yake nufi. Saifa ce. Cuta ce da ke kwana a ƙasa shekara da shekaru, dabba ta kiwata a wurin ta ɗauka, mutum ma idan ya taɓa nama ko fata sai ta kama shi. Na ɗora shi a bayan keke muka nufi Taba.

Abin da ya faɗa shi na tarar. Mushe biyu sun kumbura, taku kaɗan daga bakin tafki, kuma daga inda suke ina hango shingen da muka kafa. Na ɗan yanki gefen kunnen saniyar, na shafa jinin a gilashi don aikawa Zariya, na ɗaure wurin. Amma ban yi zaton zan jira sakamako ba. Jibi garkuna daga ko'ina za su taru a nan, su sha ruwan nan, su kwana a ƙasar nan. Na sa aka haƙa rami mai zurfi a wurin da suka faɗi, aka tura su ciki ba tare da an ja su a ƙasa ba, aka tara kara da itace aka ƙone saman wurin, aka kewaye da ƙaya. Sauran shanunsa bakwai na ce a tsare su a gida, kada su haɗu da na kowa.

Duk wannan aikin dattijon yana tsaye yana kallo. Sai da wuta ta ci ta lafa sannan ya ce, "Malam, to jibi fa?"

Na ce, "Ba a nan ba, Baba. Amma ban san ina ba tukuna, kuma ba ni da ikon canzawa sai an ba ni."

Waya mafi kusa da na sani ita ce ta tashar jirgin ƙasa a Likoro. Na isa can bayan azahar, rigata ta jiƙe sharkaf. Shugaban tashar mutumin kudu ne, gajere, mai tsabta, ya daɗe a ƙasar har Hausarsa ta nuna, kowa kuma Masta yake ce masa. Wayoyi biyu ne a ofishinsa. Ɗaya ta aikin jirgi ce, ba mai taɓa ta sai shi. Ɗayar ita ce ake murɗa hannunta a samu masu haɗa waya na Zariya, su kuma su haɗa ka da wanda kake nema. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni bai ja magana ba, ya murɗa da kansa ya miƙo mini.

Wannan shi ne karo na uku a rayuwata da na kara waya a kunne. Likitan dabbobi ya saurare ni har na gama, ya yi mini tambayoyi uku a kan jinin da kumburin da inda suka sha ruwa, sannan ya ce kada saniya ko ɗaya ta taka filin nan. Na ce ko a ɗaga ranar. Ya ce ba ta ɗaguwa, don ayarin yana da zango a gaba ranar Lahadi, ƙanƙarar da ke riƙe da maganin kuma an auna ta ne daidai kwanakin.

Ya ce, "Nemi wani fili mai ruwa mai gudu, nesa da tafkin. Na ba ka izini. Amma ka sani ayarin ba ya nan Zariya. Suna dajin Malikanchi, can wajen Ikara, ba waya a wurin. Kai za ka nemo hanyar da za su ji."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na ajiye wayar.

Dagacin Likoro ya sauƙaƙa mini rabin wahalar. Ina gama bayani ya tashi ya sa takalmi, ya kai ni wani fili gabas da tasha, bayan an tsallaka layin dogo, inda aka riga aka yanke dawa aka kwashe. Akwai rafi a ƙasansa yana gudu, akwai burtali da ya biyo ta arewa bai ratsa gonar rake ko ɗaya ba. Ya ce gobe zai kira gayya a kafa sabon shinge, in dai na auna musu. Na roƙe shi kada a ɗauko ko sanda ɗaya daga shingen Taba. Ya ce ai ko ban faɗa ba.

Saura sanarwa. Na zauna a kan bencin tasha kafin rana ta faɗi, na sa kabon biyu a littafi, na rubuta. Har yau ina iya tuna yadda na tsara ta, don na maimaita ta sau goma sha biyu har yatsuna suka ƙage. Na ce ana sanar da jama'a cewa allurar shanu da aka shirya yi a Taba ranar Alhamis ba za a yi ta a Taba ba, saboda dalilin da ya taso. Za a yi ta a Likoro. Mai zuwa da mota ya biyo babbar hanyar Zariya zuwa Kano, idan ya zo wajen tsamiya biyu da ake dafa mazarƙwaila a ƙarƙashinsu, ya karya dama, ya wuce tasha, ya tsallaka layin dogo, zai ga filin. Na tambayi Masta ko zan iya sa lambar wayarsa a ƙasa. Ya yi ɗan tunani, ya ce in sa, amma in rubuta cewa daga safe zuwa magariba ne, kuma idan jirgi na shigowa ba zai ɗauka ba sai ya wuce. Na rubuta lambar da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashinta. Limamin garin ya juya mini guda huɗu zuwa ajami.

Ranar Laraba kasuwar Makarfi ke ci, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san maganar da aka faɗa a kasuwar Makarfi ta gama gari kafin a kwana. Da sassafe na auna wa masu gayya faɗin shinge da tsawonsa, na kafa musu turaku, na bar kekena a tasha na hau motar 'yan kasuwa.

Ina sauka na ci karo da sa'a, ko abin da na ɗauka sa'a ce. Wani masinja daga Ikara ya kawo takardu, yana shirin komawa a kan kekensa, kuma ya ce hanyarsa ta bi kusa da inda masu allura suka yi zango. Na zaro takarda ɗaya, na rubuta a bayanta cewa likita ya yarda, na sa hannu, na ba shi ya kai wa shugaban ayarin. Na tsaya ina kallonsa har ya ɓace, na ji kamar an sauke mini dutse.

Daga nan na nemi sankiran kasuwa. Tsoho ne mai faffaɗan ƙirji, muryarsa kamar a cikin tulu, bai iya karatu ba ko na boko ko na ajami. Ya ce in karanta masa sau ɗaya. Na karanta. Ya tauna goro ya tofar, ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Ɗana, wannan takardar taka za ta kai mutane Taba."

Na ce, "Haba Baba, ai cewa na yi ba Taba ba."

Ya ce, "Sau nawa ka ambaci Taba kafin ka ambaci Likoro? Sau biyu. Mutumin da ke cinikin akuya rabin kunne yake ba ni. Zai ji allura, ya ji Taba, ya ji Alhamis, ya ce ai na sani, ya koma kan akuyarsa. Da sabon wuri ake farawa. Sannan ba ka ce ranar ba ta canza ba, wasu za su ɗauka an ɗaga. Sannan mene ne dalilin da ya taso? In ka ɓoye wa Bafulatani dalili, shi zai ƙirƙiro nasa, kuma nasa ya fi naka muni. Faɗi gaskiya, saifa ce. Ba wanda zai kai saniyarsa inda ya ji saifa ko da an roƙe shi."

Kunya ta kama ni, don duk abin da ya faɗa haka yake. Na fara gyarawa a kan gwiwata. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma wannan dama da ka ce a karya, damar wa?"

Na ɗago kai.

Ya ce, "Wanda ya fito daga Zariya, tashar Likoro tana damansa. Wanda ya fito daga nan Makarfi fa? Tana hagunsa. In ya karya dama sai ya faɗa fadamar rake. Hannu yana juyawa da mai shi, ɗana. Gabas ba ta juyawa. Ka ce a yi gabas."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ni na rubuta kwatancen ina hango motar tana fitowa daga Zariya, kamar yadda ta saba, alhali likita da bakinsa ya gaya mini tana Malikanchi. Ta Makarfi za ta biyo. Takardar da ke cikin aljihun masinjan nan, wadda ta fi duk sauran muhimmanci, tana tura mota mai ɗauke da magani cikin taɓon fadama, kuma masinjan ya fi awa guda da tafiya.

Sankira ya kama hannun rigata ya zaunar da ni. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, mu yi na gabanmu. Muka gyara sanarwar tare, shi yana faɗa ina rubutawa. Ya miƙe ya shiga kasuwa, na bi shi a baya. Ya fara daga 'yan hatsi, ya bi ta 'yan mazarƙwaila, ya ƙare a kara inda ake cinikin shanu, kuma ko'ina kalma ɗaya yake faɗa ba ƙari ba ragi:

"Jama'a a saurara! Allurar shanu ta koma Likoro! Likoro, gabas da tashar jirgi, bayan layin dogo! Rana tana nan, gobe Alhamis da hantsi! Saifa ta ɓulla a tafkin Taba, kada wanda ya kai dabba can! Masu kora su bi burtalin arewa! Mai tambaya ya je wurin Masta a tasha, ko ya buga masa waya, lamba tana jikin takarda a gidan waya!"

A kara muka tarar da Ardo. Ya sa aka maimaita da Fillanci, sannan ya ja ni gefe ya ce in bar mazan nan, in je wurin masu tallar nono. Ya ce su ne za su koma rugage kafin la'asar, kuma abin da mace ta ji a kasuwa ba ya kwana a cikinta. Ya raka ni har inda suke jere da ƙoransu, ya yi musu bayani da kansa. Wata dattijuwa a cikinsu ta ce garken ɗanta tun jiya ya taso daga wajen Gimi, yanzu yana hanya. Ardo ya ce to ta aika a tare shi.

Na manna gyararriyar takarda a ƙofar ƙaramin gidan wayar Makarfi, na manna a tashar mota, na ba limamai biyu ta ajami, na faɗa musu gyaran suka yi da hannunsu. Na rubuta wata ta musamman zuwa ga shugaban ayari, na ce ya yi watsi da ta farko, na ba direban motar Ikara da zai koma da yamma. Direban ya ce shi iyakarsa cikin gari, amma zai nemi mai zuwa Malikanchi. Yadda ya cusa ta a hularsa bai kwantar mini da hankali ba.

Da na koma Likoro da la'asar na tarar shinge ya tsaya, mutane suna ɗaure sandunan ƙarshe da igiyar rama. Na cire tsohuwar takarda daga bangon tasha na manna sabuwa. A nan ne wani mai keke da ya fito daga Kudan ya ba ni labarin da ban zata ba. Ya ce dattijon nan mai shanun da suka mutu yana zaune tun safe a mararrabar da ke shiga filin Taba, da butarsa da sandarsa, duk garken da ya doso sai ya miƙe ya tare shi ya juya shi Likoro. Ba ni na sa shi ba. Ni a ruɗewata ban ma tuna cewa tsohon wuri yana bukatar mai tsaro ba.

Alhamis ta waye. Tun kafin rana ta fito shanu suka fara shigowa ta burtalin arewa, farare da jajaye, garke bayan garke, har filin ya fara cika. Wannan ya nuna mini shela ta yi aiki. Amma shanu ba magani taron banza ne. Dagaci ya ba ni wani magidanci ya je ya tsaya a tsamiya biyu da farin ƙyalle a kan gora, don ya nuna wa mota gabas. Sai dai na san akwai wata hanyar da ke yankewa zuwa Taba tun kafin a zo tsamiyoyin. Idan takarduna ba su isa ba, ta can za su bi, mai ƙyalle ba zai ko ga ƙurarsu ba.

Na bar Ardo da dagaci suna tsara garkuna, na je na zauna a ofishin Masta ina kallon waya. Ya ba ni shayi a kofin tangaran, ban iya sha ba. Ƙarfe takwas ta wuce. Jirgin kaya ya zo daga Kano, Masta ya fita da tutarsa, ni kuma ina ta addu'a kada wayar ta yi ƙara a lokacin, don ya ce kada in taɓa komai a ofishin in ba ya nan. Jirgin ya wuce. Wani ɗan Ardo, magidanci mai gemu, ya zo ya leƙo ya ce mutane sun fara tambaya ko an yaudare su ne. Na ce a ƙara haƙuri. Ban san me zan ce ba in ya sake dawowa.

Tara saura kaɗan wayar ta yi ƙara. Masta ya ɗauka, ya yi Turanci da masu haɗawa, ya jira, sannan ya miƙo mini yana murmushi. Ya ce, "Makarfi ce. Naka ne."

Muryar tana zuwa daga nesa kamar daga cikin rijiya, amma na gane ta. Shugaban ayarin ne, babban malamin da ya koya mini riƙe sirinji, mutum mai tsanani wanda ba ya motsa mota sai da takardar ofis.

Ya ce, "Kai ne? To saurara. Takarda uku ce a hannuna. Ta ofis ta ce Taba. Taka ta farko ta ce Likoro, a karya dama. Taka ta biyu, wadda wani mai jaki ya kawo mini yau da asuba, ta ce Likoro, a yi gabas. Direba ya ce mu bi ta ofis mu huta. Ni kuma na ga lamba a ƙasa na ce bari in ji daga bakinka. Wa ya ba ka izinin tashin zango?"

Na ce, "Likita ne, Malam, shekaranjiya, a wannan wayar. Saifa ce a tafkin Taba, shanu biyu sun mutu, na binne su. In kana so Masta ya haɗa ka da Zariya ka tabbatar."

Ya ce, "Ka ga jinin da idonka?"

Na ce, "Na gani. Baƙi, ba ya daskarewa."

Ya ce, "Ya isa. Faɗa mini hanya a hankali, ina rubutawa."

Na faɗa masa tiryan-tiryan. Su fito babbar hanya su fuskanci Zariya. Kada su bi mararrabar farko ko da direba ya ce ta fi kusa. Su ci gaba har tsamiya biyu, za su ga hayaƙin masu mazarƙwaila da mutum riƙe da farin ƙyalle. Su yi gabas, wato hagunsu. Su wuce tasha, su tsaya a mashigar layin dogo sai Masta ya ba su hannu. Ya maimaita mini duka, na ce haka ne.

Kafin ya ajiye ya ce, "Dama da ka rubuta fa?"

Na ce, "Kuskurena ne, Malam."

Ya ce, "To. Za mu yi maganarsa." Ya ajiye.

Na zauna a kan benci. Sai a lokacin na sha shayin, ya huce sarai, kuma ban taɓa shan mai daɗinsa ba. Masta yana dariya yana cewa tun da aka sa wayar nan bai ga wanda ya yi mata kallon da na yi mata ba.

Kafin ƙarfe goma da rabi muka ji ƙugin mota. Na fita na tsaya a mashiga. Ga ta nan tafe tana rangaji, mai farin ƙyallen yana zaune a baya a kan akwatuna, ya riƙe gorarsa sama kamar shi ya ci yaƙi. Masta ya duba layi hagu da dama ya ba su hannu suka tsallaka. Da makiyaya suka hango ta sai hayaniya ta tashi daga wannan gefen fili zuwa wancan. Babban malam ya sauko, bai ko kalle ni ba, ya wuce ya buɗe akwatin magani ya cusa hannu. Ƙanƙara tana nan da sauranta. Sannan ya juyo ya amsa gaisuwata.

Muka yi aiki har rana ta yi ja. Ana kora saniya cikin shinge, a soka mata allura, a huda kunne don shaida, a sake ta ta gaba. Washegari ma haka, bayan an sauko daga masallaci muka ci gaba. Garken ɗan dattijuwar nan mai nono ya iso ranar Alhamis da azahar, sun ce har sun doshi Taba wani tsoho ya juyo da su. Garkuna biyar na ƙirga da suka faɗi haka. Maganar kuskurena kuwa, babban malam bai tashe ta ba sai da muna wanke sirinji. Ya ce daga yau duk kwatancen da zan rubuta in fara tambayar kaina daga ina mai karantawa zai fito. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar Asabar sakamakon gilashin ya zo ta wayar Masta, saifa ce kamar yadda muka zata. Likita ya aiko da maganin rigakafinta a jirgin rana, ni da babban malam muka hau keke biyu muka tafi Taba. Mun sami dattijon a gida, idanunsa sun yi ja don zaman kwana biyu a cikin rana. Muka yi wa shanunsa bakwai allura, da na maƙwabtansa da suka sha ruwan tafkin. Babban malam, wanda ban taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba in ba hakimi ba, ya cire hularsa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce da ya bar mahauta sun feɗe shanun nan, da yanzu ba shanu kaɗai ake binnewa ba.

Dattijon ya kawar da kai, ya ce shi dai tsoron Allah ya ji. Sai ya shiga ciki ya fito da ƙwarya cike da kindirmo, ya tsaya yana jujjuya ta a hannu, ya ce na gidan ƙaninsa ne da ke can tsallaken hanya, ba na shanunsa ba, kada mu ji tsoro. Muka zauna a inuwar rumbunsa muka shanye tas.

Bakwai ɗin nan duk sun rayu. Da damina ta zagayo biyu daga cikinsu suka haihu, ya aiko a gaya mini, na hau keke na je na gani.